Idan aiginbalu ya fito da i: tambayoyi da amsoshi kan matiris 2×2 da juyawa

Duk zangon karatu, idan muka iso babin aiginbalu a ajin yamma da nake koyarwa a Birnin Kebbi, tambayoyi iri ɗaya ke dawowa. Ɗaliban jami'ar da ke hanyar Kalgo su yi su, waɗanda ke zuwa hutu daga Aliero su maimaita, 'yan foliteknik ma haka. Mafi yawansu sun iya lissafin: su fitar da ikweshin, su warware, su samu amsa mai ɗauke da i. Abin da ke damunsu shi ne ma'anar amsar. Matiris na lambobin zahiri, yana aiki a kan takardar giraf ta zahiri, me ya haɗa shi da sikwaya rut na −1?

Na tattara tambayoyin a nan, na sa musu lamba don a riƙa komawa daga wata zuwa wata. Matiris guda ne zai raka mu tun daga farko har ƙarshe, kuma ina roƙon mai karatu ya ajiye biro da takarda a kusa, ya riƙa gwada kowace lamba da kansa:

```
A = [ 3  −5 ]
    [ 1  −1 ]
```

1. Malam, na warware ikweshin sai aiginbalu ya fito da i. Kuskure na yi?

Ba lallai ba ne. A tuna abin da ake nema tun asali. Aiginbekta ita ce bektar da, idan matiris ya yi aiki a kanta, ba ta barin layinta: ko ta ƙara tsawo, ko ta ragu, ko ta juya baya a kan layin nan dai. Adadin da aka ninka ta da shi, shi ne aiginbalu, wato Av = λv. Babu wata doka da ta ce dole kowane matiris ya bar wani layi a wurinsa. Akwai matiris ɗin da duk layin da ka ba shi sai ya karkatar da shi, kuma irin wannan ba shi da aiginbekta ko ɗaya a kan takardar giraf. Hanyar da ikweshin ke bi ya sanar da kai haka ita ce ya ƙi ba da amsa ta zahiri.

A matiris ɗinmu, jimlar lambobin da ke kan dayagonal, wato tr(A), ita ce 3 + (−1) = 2. Shi kuma det(A) = (3)(−1) − (−5)(1) = 2. Ikweshin kenan λ² − 2λ + 2 = 0, amsarsa λ = 1 + i da λ = 1 − i. Kullum haka suke zuwa, biyu kamar tagwaye, bambancinsu alamar da ke gaban i kawai, saboda lambobin ikweshin duka na zahiri ne. Nan ma akwai hanyar kama kuskure: in ka samu 1 + i da 2 − i daga matiris na lambobin zahiri, koma ka duba. Tara su biyun dole ya ba da tr(A), ninka su dole ya ba da det(A). A nan (1 + i) + (1 − i) = 2, kuma (1 + i)(1 − i) = 2.

2. Zan iya ganewa tun kafin in warware?

Ƙwarai. Aiginbalu zai fito da i ne idan tr(A)² − 4det(A) ya faɗi ƙasa da sifili. Namu 4 − 8 = −4. Idan aka kira lambobin matiris a, b a layin sama, c, d a layin ƙasa, wannan adadin daidai yake da (a − d)² + 4bc, kuma na fi son ɗalibi ya riƙe wannan siffar domin ido kaɗai na iya karanta ta. Tunda (a − d)² ba ya taɓa zama ƙasa da sifili, dole bc ya zama ƙasa da sifili, ma'ana b da c su saɓa a alama, ɗaya da ƙari ɗaya da ragi. In alamarsu ɗaya ce, ko ɗayansu sifili ne, kada ka wahalar da kanka, aiginbalu na zahiri ne. Shi ya sa matiris mai b = c ba ya taɓa ba da i.

Saɓanin alamar kaɗai bai wadatar ba, sai 4bc ya rinjayi (a − d)². A namu (3 + 1)² = 16, kuma 4(−5)(1) = −20, an rinjaye shi da 4. Da b ya kasance −3, da an samu 16 − 12 = 4, aiginbalu biyu na zahiri. Haka kuma idan det(A) sifili ne ko ƙasa da sifili, babu zancen i.

3. To ina juyawa ta shigo cikin maganar?

Ɗauki matiris ɗin da aikinsa kawai ya juya kowace bekta da kusurwa θ:

```
R = [ cos θ   −sin θ ]
    [ sin θ    cos θ ]
```

Tun kafin lissafi, hankali ya ba ka amsa. In ka juya faifai da digiri 30, wane layi ne da ya ratsa tsakiyarsa zai tsaya inda yake? Babu. Lissafin ma haka ya ce: tr(R) = 2cos θ, det(R) = 1, saboda haka λ = cos θ ± i sin θ. Kusurwar da ake juyawa da ita tana zaune a cikin aiginbalu ɗin, ba ta ɓace ba. Wannan shi ne e^(iθ) na ƙa'idar da Leonhard Euler ya wallafa a 1748. Sau biyu kawai i ke ɓacewa: a digiri 0, inda komai ya tsaya cik, da digiri 180, inda kowace bekta ta juya baya amma tana kan layinta, aiginbalu −1.

Dalilin ya fi wannan zurfi kaɗan. In ka ɗauki ɗigon (x, y) a matsayin lamba x + yi, ka ninka ta da α + βi, za ka samu (αx − βy) + (βx + αy)i. Abin da matiris mai layin sama α, −β da layin ƙasa β, α ke yi wa (x, y) kenan, ba ƙari ba ragi. Ninkawa da lamba mai i juyawa ce haɗe da miƙewa: a juya da kusurwar lambar, a miƙe da tsawonta.

4. Matiris ɗina ba shi da cos ko sin. Ta ina zan samo kusurwarsa?

Daga aiginbalu. In λ = α ± βi, tsawonsa r = √(α² + β²), wanda daidai yake da √det(A). Kusurwar kuwa daga cos θ = α/r, ko kai tsaye cos θ = tr(A)/(2√det(A)). A namu r = √2, kusan 1.414, kuma cos θ = 2/(2√2), wato θ digiri 45.

Abin da waɗannan lambobi biyu ke faɗi shi ne: akwai wani tsarin ma'auni, wanda ba x da y na takardarka ba, da idan aka kalli A ta cikinsa, ba ya yin komai sai juyawa da digiri 45 da ninka tsawo da √2. Idan ana ta maimaita A a kan bekta ɗaya, r ne ke yanke hukunci. In ya fi 1, ɗigon na kewayawa yana nisa da tsakiya, kamar zanen bayan katantanwa. In bai kai 1 ba, yana kewayawa yana matsowa ciki. In 1 ne cif, yana zagaye a kan hanya ɗaya har abada. Yadda ake samo wancan tsarin ma'auni na cikin tambaya ta 5, kuma kafin ka ɗauki furotirakta ka auna digiri 45 a takarda, karanta ta 6.

5. Yaya ake fitar da P da C a A = PCP⁻¹, mataki-mataki?

P ne ke ɗauke da sabon tsarin ma'aunin da aka ambata a tambaya ta 4, C kuma shi ne juyawa da miƙewar da A ke yi a cikinsa. Fara da aiginbalu mai alamar ragi, λ = α − βi, a nan 1 − i. Debe shi daga dayagonal: layin sama ya zama 2 + i, −5, layin ƙasa ya zama 1, −2 + i. Layi ɗaya ya ishe ka, domin ɗayan maimaicinsa ne ko da ido bai nuna ba. Layin ƙasa ya ce x + (−2 + i)y = 0. Sa y = 1, ka samu x = 2 − i. Aiginbektar ita ce v = (2 − i, 1). Gwada ta a layin sama don ka natsu: (2 + i)(2 − i) − 5 = 5 − 5 = 0.

Yanzu raba v gida biyu. Ɓangaren da ba shi da i shi ne u = (2, 1). Lambobin da ke manne da i su ne w = (−1, 0). Waɗannan bektoci ne na zahiri, ana iya zana su, kuma su ne sababbin ma'aunanmu. Jera su a tsaye ka samu P:

```
P = [ 2  −1 ]     C = [ 1  −1 ]
    [ 1   0 ]         [ 1   1 ]
```

Ga inda C ya fito, don kada a haddace shi kamar karatun aku. A(u + iw) = (α − βi)(u + iw). Buɗe hannun dama, ka ware masu i daban: Au = αu + βw, kuma Aw = −βu + αw. Lambobin Au su ne jerin tsaye na farko na C, na Aw su ne na biyu. Gwaji: Au = (6 − 5, 2 − 1) = (1, 1), kuma u + w = (1, 1). Aw = (−3, −1), kuma −u + w = (−3, −1). Ba sai ka nemi P⁻¹ ba kafin ka tabbatar da aikinka: ninka AP, ninka PC, dukansu su ba da layin sama 1, −3 da layin ƙasa 1, −1. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne a ɗauki aiginbektar 1 + i a haɗa ta da wannan C ɗin. Sai AP ya ba da layin sama 1, 3, PC ya ba da 3, −1. Minti ɗaya na wannan gwajin ya isa ya tona matsalar.

6. Na zana ɗigogin na auna, ban ga digiri 45 ba. Me ya faru?

Wannan ce tambayar da na fi jin daɗin a yi mini, domin wanda ya yi ta ya zauna ya gwada da hannunsa. Wata ɗaliba 'yar Argungu ta taɓa kawo mini takardar giraf, ta sa ɗigogi biyar da jan biro, ta rubuta kusurwar kowane a gefensa, ta ce, "Malam, ko dai furotiraktata ce ba ta da kyau, ko kuma zancen 45 ɗin nan ba haka yake ba." Awonta daidai ne. Ta fara da (1, 0), A ya kai ta (3, 1), sai (4, 2), sai (2, 2), sai (−4, 0). Kusurwoyinsu daga layin x: digiri 0, 18.4, 26.6, 45, 180. Wato taku na farko ya juya da kusan 18.4, na biyu 8.1, na uku 18.4, na huɗu ya yi tsalle ɗaya na 135. Ko ɗaya babu 45. Tsawon ma bai bi √2 ba: 1, sai 3.16, sai 4.47, sai ya sauko 2.83, sannan 4. A taku na uku bektar raguwa ta yi, alhali r ya fi 1.

Amma tara takun huɗun: 180 cif, wato 45 sau 4. Tsawo kuma daga 1 ya koma 4, wato √2 an ninka shi a kansa sau huɗu. Abin da ke faruwa ya yi kama da faifan da aka saƙa da rabo takwas daidai wa daida. In ka kalle shi ta sama, da'ira ce, kowane rabo digiri 45. In ka kwantar da shi ka leƙa ta gefe, ya zama mai siffar ƙwai, wasu rabon sun matse wasu sun buɗe, alhali faifan bai canja ba. P shi ne wannan kallon ta gefe. Don a koma kallon sama, a yi amfani da P⁻¹, wanda ke mayar da (x, y) zuwa (y, 2y − x). Ɗigogin ɗalibar suka zama (0, −1), (1, −1), (2, 0), (2, 2), (0, 4). Auna waɗannan: digiri −90, −45, 0, 45, 90. Ga 45 ɗin nan, taku bayan taku.

Akwai ma'aunin tsawo da ya dace da A, shi ne y² + (2y − x)², wanda in an buɗe ya zama x² − 4xy + 5y². Saka ɗigogi biyar na asali a ciki: 1, 2, 4, 8, 16. Kowane taku yana ninka shi da 2, wato det(A). Zanen x² − 4xy + 5y² = 1 siffar ƙwai ce siririya, tsawonta ya ninka faɗinta kusan sau 5.8, ta kwanta a kan digiri 22.5. Shi ya sa ɗigogin suka cunkushe tsakanin digiri 18 da 27: suna zagaya ƙarshen ƙwan ne mai tsini, inda tafiya mai yawa ba ta canja kusurwa sosai. Ba za ka ga kusurwa ɗaya a kowane taku a takardarka ba sai in a = d kuma b = −c, lokacin da A da kansa ya riga ya zama irin C.

7. Aiginbalu biyu ne, ɗaya +45 ɗaya −45. Wane ɓangare ake juyawa?

Aiginbalu ba zai gaya maka ba, tunda kullum su biyun tare suke zuwa. Matiris ɗin kansa za ka tambaya. Dubi inda ya kai (1, 0): ya kai ta (a, c). In c ya fi sifili, bektar ta ɗaga sama, juyawar akasin hannun agogo ce, irin yadda ake ɗawafi. In c ƙasa da sifili yake, tana bin hannun agogo. Gwajin bekta ɗaya ya wadatar, domin da a ce A na juya wata hagu wata dama, da a tsakaninsu an samu wadda ta tsaya a kan layinta, kuma mun riga mun san babu irinta. A namu c = 1, ɗigogin tambaya ta 6 kuwa sun shaida.

Kada a dogara da C wajen wannan. C ɗin tambaya ta 5 kullum akasin agogo yake nunawa, ko da A na bin agogo. Det(P) ne ke raba gardama: in ya fi sifili, kamar namu da yake 1, A da C ɓangare ɗaya suke juyawa. In ƙasa da sifili ne, P ya yi aikin madubi, abin da ke hagu a can dama ne a nan.

8. Aiginbektata ta bambanta da ta abokina, amma dukanmu gwaji ya yi. Wa ke da gaskiya?

Ku duka. In abokinka ya yi amfani da layin sama, (2 + i)x − 5y = 0, zai iya ɗaukar v = (5, 2 + i). Wannan taka ce aka ninka da 2 + i, domin (2 + i)(2 − i) = 5. P ɗinsa zai zama layin sama 5, 0 da layin ƙasa 2, 1, daban da naka, amma C bai motsa ba, kuma AP da PC duka za su ba shi layin sama 5, −5 da layin ƙasa 3, −1. Siffar ƙwan ma ɗaya ce, girmanta da inda aka fara zagayen ne kawai suka bambanta. Saboda haka in amsar bayan littafi ba ta yi kama da taka ba, raba lambar farko ta v da ta biyu a kowace. In sakamakon ɗaya ne, bekta ɗaya kuke riƙe da ita.

9. Kalkuleta ta ba ni −60, amsar kuma 120 ce. Ina matsalar?

Daga tan⁻¹(β/α) take. Wannan maɓallin ba ya ba da amsa sai tsakanin −90 da 90, don haka duk lokacin da α ya zama ƙasa da sifili zai kai ka wani wuri. Gwada matiris mai layin sama −1, −1 da layin ƙasa 1, 0. Tr = −1, det = 1, λ = −1/2 ± (√3/2)i. Tan⁻¹ zai ce −60, amma cos θ = −1/2 ya ce 120, kuma shi ne daidai. Shaida: (1, 0) ta tafi (−1, 1), ta tafi (0, −1), ta dawo (1, 0). Taku uku, zagaye ɗaya, 360 a raba uku. Shawarata a riƙa amfani da cos⁻¹ kullum, domin yana ba da amsa tsakanin 0 da 180, sannan a ɗauko ɓangaren juyawa daga c kamar yadda ke tambaya ta 7. In kuma ka ga 0.785 a inda kake jiran 45, kalkuletar na kan RAD ne, mayar da ita DEG.

10. An ce in nemo A¹⁰. Dole sai na ninka sau goma?

A'a, kuma a nan ne wahalar da aka sha take biya. Juyawa da 45 sau huɗu ita ce 180, tsawo kuma ya ninku da 4, don haka A⁴ = −4I, A⁸ = 16I, inda I shi ne matiris mai 1 a kan dayagonal da sifili a sauran wurare. Saura A², wanda layinsa na sama 4, −10 ne, na ƙasa 2, −4. Ninka da 16: A¹⁰ na da layin sama 64, −160, layin ƙasa 32, −64.

Idan kusurwar ba mai daɗin raba 360 ba ce, ga hanyar da ke aiki ko'ina, ba tare da P ba. Kafa J = (A − αI)/β. A namu J = A − I, layin sama 2, −5, layin ƙasa 1, −2. Ninka J da kansa, za ka samu −I. Wannan matiris na lambobin zahiri shi ke yin aikin i, kuma A = αI + βJ kamar yadda λ = α + βi. Daga nan Aⁿ = rⁿ(cos nθ · I + sin nθ · J). Ga n = 10: r¹⁰ = 32, kusurwa 450 wato 90, cos sifili, sin 1, amsa 32J. Lambobin da muka samu a sama ne. Duk ɗalibin da ya tambaye ni inda i yake a takardar giraf, J nake nuna masa: shi ne juyawar rubu'in zagaye a kan ƙwan tambaya ta 6.

11. Zan iya duba amsata a kwamfuta?

In kana da Python da NumPy, ga shi:

```python
import numpy as np
A = np.array([[3, -5], [1, -1]])
w, V = np.linalg.eig(A)
print(w, np.abs(w), np.degrees(np.angle(w)))
```

Zai rubuta j a madadin i, ya ba ka tsawo 1.414 da kusurwa 45 da −45. Aiginbektocin na cikin V a jere a tsaye, an daidaita tsawon kowace ya zama 1, don haka lambobin ba za su yi kama da (2 − i, 1) ba. Yi musu gwajin rabawa na tambaya ta 8.

12. A darasin ikweshin difarenshal an ce α ake dubawa, a nan kuma kun ce r. Wanne ne?

Tambayoyi biyu ne daban, kuma haɗa su na cin makin ɗalibai da yawa. In ana maimaita matiris taku-taku, xₙ₊₁ = Axₙ, girman na tafiya da rⁿ, sai a gwada r da 1. In kuwa matiris na ba da saurin canji ne, x′ = Ax, maganin na ɗauke da e^(αt) sau cos βt da sin βt, sai a gwada α da sifili: ƙasa da sifili kewayen na mutuwa, sama da sifili yana girma, sifili cif yana zagaye a kan ƙwai ɗaya. β kuma shi ne saurin juyawa, zagaye ɗaya na ɗaukar lokaci 2π/β. Matiris ɗaya na iya ba da hukunci biyu masu karo da juna. Raba A ɗinmu biyu: λ = 0.5 ± 0.5i, r kusan 0.707. Taku-taku yana shigewa ciki, amma a x′ = Ax yana fita waje tunda α = 0.5.

Misalin da ke gaban kowa shi ne ɗan kabu-kabu da ya faɗa rami da babur: sifirin ya yi sama da ƙasa, shoka ta kashe rawar. A ce motsin na bin x″ + 2x′ + 5x = 0. Sa y = x′, matiris ɗin ya zama layin sama 0, 1, layin ƙasa −5, −2. Tr = −2, det = 5, λ = −1 ± 2i. Rawa ɗaya na ɗaukar 2π/2, kusan 3.14 a ma'aunin lokacin ikweshin, kuma a kowace rawa girman na komawa e^(−π) na wanda ya gabata, kusan kashi 4 cikin 100. Babu wani abu a babur ɗin da ke juyawa a wannan lissafi, sama da ƙasa kawai yake yi. Abin da ke kewayawa shi ne ɗigon (x, y), matsayi da sauri a haɗe, kuma tunda c = −5, hannun agogo yake bi. In aka ƙara ƙarfin shoka daga 2 zuwa 6, ikweshin ya zama λ² + 6λ + 5 = 0, λ = −1 da −5, i ya tafi, babur ɗin ya koma mazauninsa ba tare da rawa ba. Iyakar tana inda tr² = 4det, wato ƙarfin shoka √20, kusan 4.47.

13. Wannan duka na aiki a matiris 3×3?

Rabinsa na aiki. Ikweshin 3×3 na da amsoshi uku, masu i kuma bibbiyu suke zuwa, don haka dole aƙalla ɗaya ya zama na zahiri. Aiginbektar wannan ɗayan layi ne da ba ya karkata. In sauran biyun α ± βi ne, u da w da aka ciro kamar a tambaya ta 5 suna shimfiɗa wani fili, kuma a cikin filin nan A na yin abin da C ke yi. In matiris ɗin juyawa ce zalla, aiginbalunsa 1 ne da cos θ ± i sin θ, layin da ke da aiginbalu 1 shi ne sandar da komai ke kewayawa, kamar ƙarfen tsakiyar fanka, kuma tr(A) = 1 + 2cos θ. Gajerun hanyoyin tambaya ta 2, ta 4 da ta 7, na duba alamar b da c, da r = √det(A), na 2×2 ne kaɗai, kada a ɗauke su zuwa can.